Yadda Ake Rubuta Gajeren Labari da Kalmomi 300 Domin Masu Koyon Harshe

Malamai da masu sha'awar rubutu sun sha tambayar yadda ake shirya gajeren labarin da mai koyon harshe zai karanta shi kaɗai tun daga farko har ƙarshe, ba tare da ya riƙa tsayawa yana buɗe ƙamus ba. Mafi yawan waɗanda suka gwada sukan fara ne da rubuta labari yadda suka saba, sannan su dawo suna cire kalmomi masu wuya, kuma wannan hanyar ce ke sa aikin ya lalace, domin labarin da aka gina a kan kalmomi dubu biyar ba ya tsayuwa idan aka janye masa su. Jerin kalmomi ake fara tanada, sannan a nemo labarin da jerin zai iya ɗauka. Za mu bi matakan da misali guda: labari mai tsawon kalmomi 500 a Hausa, wanda aka rubuta da kalmomi 300 da suka fi yawan fitowa, domin baligin da bai daɗe da fara koyon harshen ba. Matakan suna aiki ga kowane harshe, sai dai wuraren da ake tuntuɓe ne suke bambanta.

Kayan aikin ba su da yawa. Kana bukatar kwamfuta, da tarin rubuce-rubuce a harshen da za ka yi labarin, da manhajar ƙirga kalmomi, da mutum biyu ko uku masu koyo waɗanda za su karanta maka abin da ka rubuta. Manhajojin AntConc da AntWordProfiler, waɗanda Laurence Anthony ya ƙirƙira, kyauta ake sauke su, kuma wanda ya san Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, ko da kaɗan zai iya yin aikin da layuka shida ko bakwai. Abin da aikin yake ci sosai shi ne lokaci, kuma mafi yawansa yana tafiya ne a haɗa jeri da gyara, ba a rubutun farko ba. Kuɗi ba sa shigowa sai idan za ka ɗauki mai zane ko za ka biya masu gwajin karatu.

1. Haɗa jerin kalmomin

Idan ɗalibanka suna bin wani littafin koyo, jerin kalmomin da ke ƙarshen darussan da suka riga suka gama shi ne mafarinka, domin ya fi kowane lissafi nuna abin da suka sani. Idan babu irin wannan littafi, sai ka haɗa jerin da kanka: ka tara rubutu mai kalmomi aƙalla 100,000, ka adana shi a fayil mai tsarin `UTF-8`, ka loda shi a AntConc, ka nemi jerin kalmomi daga wadda ta fi fitowa zuwa wadda ta fi ƙaranci, sannan ka ɗebi 500 na sama domin ka tace su zuwa 300. Manyan harsuna suna da jerin da aka riga aka shirya, kamar wanda Michael West ya fitar wa Turanci a 1953 mai kalmomi kusan 2,000, amma ko da ka sami irin wannan, tacewar tana nan a kanka.

Gargaɗi: irin rubutun da ka tara shi ne yake yanke irin jerin da za ka samu. Idan labaran jaridu kaɗai ka zuba, za ka tarar da gwamnati, shugaba, jiha da hukuma a sama, alhali ƙofa, kuka, barci da tsoro sun faɗa can ƙasa, kuma ba a gina labarin mai koyo da hukuma da sanarwa. Ka sa rabin tarin ko fiye ya zama labaran ƙirƙira da hirarraki. Haka kuma kada ka ɗauki jerin Swadesh a matsayin jerin kalmomi masu yawan fitowa. An shirya shi ne domin kwatanta harsuna da gano dangantakarsu, shi ya sa yake ɗauke da kwarkwata da hanta da toka.

Da ka dubi jerin za ka ga abin da ke ba sababbin marubuta mamaki. Kalmomin da ke sama ba sunayen abubuwa ba ne, ƙananan kalmomi ne masu haɗa magana: da, a, na, ta, ya, ba, ne, ce, kuma, sai. Haka kowane harshe yake, kalmomi kaɗan ne suke cinye kaso mai yawa na rubutu, kuma wannan tsarin ne ake dangantawa da George Zipf. A Turanci, kalmomi 100 na farko suna ɗaukar kusan rabin duk wani rubutu na yau da kullum. Ma'anar haka a wajenka ita ce cikin 300 ɗinka wani babban kaso ya riga ya tafi a kalmomin haɗi da wakilan suna, kuma abin da ya rage na sunaye da aikatau shi ne ainihin jarinka. Saboda haka lokacin tacewa ka cire sunayen mutane da garuruwa da kalmomin ofis, ka cike gurbinsu da kalmomin da mai koyo yake ji a aji tun makon farko ko da lissafi bai ɗaga su ba, kamar hannu, littafi, dare da safe.

2. Yanke shawarar abin da ake nufi da kalma ɗaya

Wannan mataki mutane suke tsallakewa, sannan su rikice a wajen dubawa. Kwamfuta tana ganin gida, gidan, gidansa da gidaje a matsayin kalmomi huɗu. Kai kuma dole ka yanke ko mai karatunka yana ganinsu ɗaya ne ko fiye. Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce ka haɗa siffofin da mai koyo zai gane da kansa daga nahawun da aka riga aka koya masa, ka raba waɗanda ba zai gane ba. Gida, gidan da gidansa ɗaya ne, domin mahaɗin mallaka yana cikin darussan farko. Yaro da yara sun yi kusa ƙwarai, ana iya haɗa su. Mace da mata kuwa, ko sa da shanu, babu yadda za a yi sabon ɗalibi ya san tushensu ɗaya, don haka kowace tana cin gurbinta.

Aikatau na Hausa ya fi bukatar kula. Saya, sayi da saye aiki ɗaya ne da yake sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo baya: ya sayi littafi, ya saye shi, abin da ya saya. Waɗannan gurbi ɗaya suke ci. Sayar kuwa kishiyar saya ce a ma'ana, ɗalibin da ya ɗauke su abu ɗaya zai juya labarin baibai, saboda haka gurbinta daban. Haka tafi da taho, ko fita da fitar.

Bayan ka gama yankewa, ka riƙe fayil biyu. Na farko yana ɗauke da tushen kalmomi 300, shi ne wanda za ka riƙa kallo lokacin rubutu. Na biyu, wanda za mu kira `jeri.txt`, yana ɗauke da duk siffofin da ka halatta, kowace a layinta, kuma zai fi na farkon tsawo sau biyu ko uku. Shi ne kwamfuta za ta yi aiki da shi.

A nan ne kuma ake ƙayyade nahawu, domin jimla tana iya zama da sauƙin kalmomi amma ta gagari ɗalibi saboda gininta. A misalinmu mun halatta ya tafi, yana tafiya, zai tafi, bai tafi ba, da umurni kamar tafi da kada ka tafi. Mun ajiye "yakan tafi" da gini irin "da ya sani da bai tafi ba". Ka lura da wani sauƙi da rubutun Hausa yake ba ka: idan jarumin labarin mutum ɗaya ne, ya ɗin da ake ba da labari da shi da ya na shuɗaɗɗen lokaci kamarsu ɗaya a rubuce, amma da zarar mutane sun zama biyu sai sun tafi ta koma suka tafi. Kada ka guje wa suka ta hanyar rubuta sun a inda bai dace ba, domin hakan koyar da kuskure ne. Ka sa suka da muka cikin jerin, ka yi amfani da su daidai.

3. Karanta jerin, ka ga labarin da zai iya ɗauka

Kafin ka yi tunanin wani labari, ka kasa sunaye da aikatau na jerin gida-gida a takarda ɗaya: mutane, wurare, abubuwan da ake riƙewa a hannu, lokuta, ayyuka da yanayin zuciya. A jerin da muka ɗauka misali, mutanen sun haɗa da uwa, yaro, yarinya, malami, aboki da mutum. Wuraren su ne gida, makaranta, hanya da ɗaki. Ayyukan sun haɗa da tafi, dawo, ba, nema, gani, tambaya, buɗe, rufe, manta da jira. Yanayin zuciya bai wuce tsoro, kuka, dariya da fushi ba.

Wanda ya tsaya ya kalli wannan takarda zai ga cewa labarin yaƙi ko shari'a ko ciwon asibiti ba zai yiwu ba, amma labarin wanda ya rasa wani abu yana nemansa ya riga ya kwanta a cikinta. Wannan ne ya sa labaran matakin farko suke yawan zama na nema, jira, tafiya, ɓoye wani abu ko rashin fahimta tsakanin mutum biyu. Dukansu ana ganinsu da ido, kuma abin da ake gani da ido shi ne ƙananan kalmomi suka fi iya faɗa.

Ga ƙashin labarin misalinmu. Uwa ta ba ɗanta Musa mabuɗin gida za ta tafi aiki, ta ce ya rufe ƙofa idan zai fita. Da ya dawo daga makaranta tare da ƙanwarsa, ya nemi mabuɗi bai gani ba. Ya bar yarinyar a ƙofa, ya koma wajen abokinsa, da wajen malaminsa, da wajen wani mutum da ke zaune a kan hanya, kowa ya ce bai gani ba. Dare yana zuwa, uwa ta kusa dawowa. Da ya komo gida bai ga ƙanwarsa a ƙofa ba, sai ya ƙara jin tsoro, sannan ya ji muryarta daga cikin ɗaki. Ashe tun safe bai rufe ƙofar ba, mabuɗin yana inda ya bar shi a cikin gida. Uwa ta shigo ta tambaye shi ko ya rufe ƙofa da safe, sai Musa ya dubi ƙanwarsa, ita kuma ta fara dariya.

Tafiya uku zuwa wajen mutum uku ita ce zuciyar tsarin. Tana ba ka damar maimaita tambaya ɗaya da amsa kusan ɗaya sau uku ba tare da mai karatu ya ji ana yi masa darasi ba, domin labarin da kansa ne ya bukaci maimaicin. Sai dai kowace tafiya ta ƙara wani abu: a ta farko Musa yana ganin abin da sauƙi, a ta biyu malami ya tambaye shi ina ƙanwarsa, a ta uku rana ta kusa faɗuwa. Idan babu wannan ƙarin, maimaici ya zama atisaye.

Gargaɗi: ƙarancin kalmomi ba dalili ba ne na mayar da baligi yaro. Idan manya za su karanta, ka ba su abin da zai sa su so sanin ƙarshe, kuma kada ka rufe labarin da wa'azi. Wajen zaɓen suna kuma, ka guji sunan da yake kama da wata kalma ta jerin. Sani da Gambo duk sunaye ne, amma na farkon zai rikita ɗalibin da ya koyi sani a matsayin aiki, musamman a farkon jimla inda kowace kalma take da babban baƙi. Mutane uku masu suna sun isa labarin kalmomi 500, kuma kada sunayensu su fara da harafi ɗaya.

4. Ƙayyade sababbin kalmomi

Kusan babu labarin da zai tsaya cikin jerin ɗari bisa ɗari, kuma ba a ma so ya tsaya, tunda ana son ɗalibi ya fita da ƙari. Tambayar ita ce nawa za a bari. Binciken Batia Laufer na 1989 ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 95 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi gwargwado, sannan na Hu da Nation na 2000 ya nuna cewa karatu ba tare da taimako ba yana bukatar kusan kashi 98. Kashi 95 yana nufin kalma ɗaya baƙuwa cikin kowace 20, wato kusan a kowane layi biyu. Kashi 98 kuwa ɗaya ce cikin 50. A labarin kalmomi 500, wurare goma kenan kacal inda mai karatu zai ci karo da abin da bai sani ba.

Akwai wani saɓani a nan da ya kamata a warware. Sabuwar kalma ba ta zama a kai sai an gan ta sau da yawa, amma idan mabuɗi ya fito sau takwas, ya cinye takwas daga cikin goman da kake da su. Mafita ita ce ka bayyana kalmar sarai a fitowarta ta farko, ta yadda daga nan ta zama sananniya. Ka zaɓi sababbin kalmomi uku zuwa biyar, waɗanda labarin ba zai yiwu ba sai da su, ka sa kowace ta fito aƙalla sau biyar a jimloli daban-daban. A misalinmu mun ɗauki mabuɗi, jaka, ƙanwa da murya. Baƙuwar kalmar da ta fito sau ɗaya kawai ita ce mafi muni, domin ta tsayar da mai karatu kuma ba ta koya masa komai ba. Ko a cire ta, ko a ƙara mata aiki.

Ga yadda aka shigo da mabuɗi: "Uwar Musa ta ba shi mabuɗi. Ta ce, 'Wannan mabuɗin gida ne. Ka rufe ƙofa da shi idan za ka fita. Idan ka dawo, ka buɗe ƙofa da shi.'" Ɗalibin da ya san ƙofa, rufe da buɗe ba ya bukatar fassara. Ba a shigo da sababbin kalmomi biyu a jimla ɗaya, kuma ba a dogara da zane kaɗai, domin labari yakan yi yawo ba tare da hotunansa ba.

5. Rubuta daftarin farko

Ka ajiye takardar nan da ka kasa gida-gida a gabanka, ka rubuta kai tsaye a harshen da ake koyo. Kada ka rubuta a wani harshe ka fassara, domin fassara tana janyo kalmomin da jerin ba shi da su. Idan kalma ta zo maka ka san ba ta cikin jerin, ka sa mata alama ka wuce, gyaranta yana gaba. Jimloli su tsaya tsakanin kalmomi biyar zuwa goma, amma ka riƙa sauya tsawonsu, ka haɗa wasu da amma, sai, domin da idan, saboda gajerun jimloli goma a jere masu gini ɗaya suna gajiyar da mai karatu, kuma kalmomin haɗin su ne suke nuna masa dalilin abin da ya faru. Abubuwa su zo bisa tsarin faruwarsu, ba a komawa baya. Hira ta ɗauki kaso mai yawa, kuma a kowace magana a faɗi wanda ya yi ta.

Babban abin da ake koyo a wannan mataki shi ne mayar da yanayin zuciya zuwa aikin da ake gani. Marubucin da ya saba zai rubuta: "Musa ya laluba aljihunsa cikin firgici, ya tarar mabuɗin ya yi ɓatan dabo, nan take hankalinsa ya tashi." A jimlar nan laluba, aljihu, firgici da ɓatan dabo duk suna wajen jerin. Idan ka tsaya neman kalma mai sauƙi a madadin kowace ɗaya, za ka ɓata lokaci ka kuma fito da jimla maras daɗi. Abin yi shi ne ka tambayi kanka me mai kallo zai gani, sannan ka rubuta shi: "Musa ya sa hannu cikin jaka. Babu mabuɗi. Ya fitar da littafinsa, ya sake dubawa. Babu mabuɗi. Ƙanwarsa ta ce, 'Musa, buɗe ƙofa mana.' Musa bai ce komai ba." Firgicin yana nan, ba a kira sunansa ba, kuma mabuɗi ya sami fitowa biyu.

Gargaɗi mafi girma a nan: kalmomin da suka fi yawan fitowa su ne suka fi yawan ma'ana, kuma da su ake gina salon maganar da ɗan harshe ba ya ma jin cewa salo ne. Ci, sha, kashe, gaba, kuɗi da kai duk suna cikin jerin, amma ya ci gaba, ya sha wahala, ya kashe kuɗi da ya sa kai ba su buɗuwa ga wanda ya san kalmomin ɗaya-ɗaya. Hankalinsa ya tashi ma haka ne. Kowane irin wannan gini ka ƙirga shi sabuwar kalma, ko ka bar shi. Haka nan kalma mai fuska da yawa a rubuce, kamar kai, wadda take nufin mutumin da ake magana da shi, da sashen jiki, da isar da abu wani wuri. Tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ɗalibi ba shi da abin da zai raba su da shi sai mahallin jimla. Ka tsayar da ma'ana ɗaya ko biyu ga irin waɗannan kalmomi a cikin labari ɗaya.

6. Duba da kwamfuta

Ido ba ya kama kalmomin da suka fita daga jerin, domin duk sanannu ne a wajenka. Ka adana labarin a `labari.txt`, ka sa shi wuri ɗaya da `jeri.txt`, ka gudanar da wannan:

```python
import re, collections
jeri = set(open("jeri.txt", encoding="utf-8").read().lower().split())
t = open("labari.txt", encoding="utf-8").read().lower().replace("’", "'")
duka = [k.strip("'") for k in re.findall(r"[\w']+", t)]
duka = [k for k in duka if k]
waje = collections.Counter(k for k in duka if k not in jeri)
print(len(duka), sum(waje.values()), waje.most_common())
```

Zai ba ka jimillar kalmomin labarin, da adadin waɗanda suke wajen jerin, da kowace baƙuwa tare da yawan fitowarta. Wanda ba ya son Python zai iya loda jerin da labarin a AntWordProfiler, ko ya jera siffofin jerin a shafin `A` na maƙunsar lissafi irin ta Excel, kalmomin labarin a shafin `C`, ya rubuta `=COUNTIF(A:A,C1)` a gefe ya ja ƙasa. Duk inda sifili ya fito, kalmar tana waje.

A ce daftarinmu ya nuna kalmomi 520, 41 daga ciki a waje. Kada adadin ya tsorata ka kafin ka rarrabe shi. Musa ya fito sau 14, suna ne, sai a ƙara shi a jerin. Sababbin kalmomi huɗun da muka zaɓa sun ɗauki 18. Uku siffofi ne da muka manta ba mu sa a fayil ba, kamar ƙofar da littafinsa. Saura shida su ne ainihin matsalar, kowace ta fito sau ɗaya, kuma su ne za a sake rubuta jimlolinsu. Lissafin ya kuma nuna cewa murya ta fito sau biyu kawai, don haka ko a ƙara mata wurare, ko a maye gurbinta da ya ji ƙanwarsa tana magana, wanda ya fi sauƙi kuma ya rage sababbin kalmomin zuwa uku.

Gargaɗi: haruffa masu lanƙwasa suna ruɗa dubawa. Idan jerin ya rubuta ƙofa amma labarin ya rubuta kofa, kwamfuta za ta ce baƙuwa ce, kuma abin da ya fi haka haɗari shi ne baƙi da aka rubuta baki ya wuce lafiya alhali ma'anar ta sauya. Ka daidaita rubutun fayilolin biyu tun farko. Ka lura kuma cewa shirin da ke sama yana cire alamar ɗauri daga farkon kalma da ƙarshenta, saboda haka 'ya zai koma ya, 'yan ya koma yan. Idan suna cikin labarinka ka duba su da ido, ko ka rubuta su da ƴ a fayilolin biyu. Sannan kwamfuta ba ta ganin salon maganar da aka ambata a mataki na biyar, wannan sai ka bi layi-layi da kanka.

7. Gwada shi a kan masu koyo

Da farko ka ba ɗan harshe ya karanta da ƙarfi, ka gyara duk inda ya yi tuntuɓe ko ya ce ba haka ake faɗa ba. Takurawar jeri takan sa marubuci ya ƙirƙiro jimlar da nahawunta daidai ne amma babu mai faɗarta, kuma gara a ƙara kalma ɗaya daga waje da a koya wa ɗalibi maganar da ba a yi.

Daga nan ka ba masu koyo biyu ko uku da ke matakin da ka nufa, ba mafi ƙwazo a ajin ba. Ka ce su karanta ba ƙamus, su ja layi ƙarƙashin duk abin da ya tsayar da su, kada kuma ka taimaka musu ko da sun dube ka. Idan sun gama, kada ka tambaye su ko sun gane, domin kusan kowa zai ce ya gane. Ka ce su ba ka labarin da bakinsu a harshen da suka fi iyawa, sannan ka yi tambayar da sai wanda ya fahimta zai amsa: ina mabuɗin yake tun safe, kuma me ya sa yarinyar ta yi dariya?

Amsoshinsu suna nuna inda ciwon yake. Idan sun ja layi fiye da goma a kalmomi 500, jerin ya fi ƙarfinsu, sai ka duba waɗanne kalmomi ne ka ɗauka sun sani. Idan ba su ja layi ba amma sun kasa faɗar wanda ya yi me, matsalar wakilan suna ce: Musa, abokinsa, malami da mutumin hanya duk ya ne da shi, don haka a wuraren da maza biyu suka haɗu ka maimaita suna maimakon wakili, ko ka mayar da malamin malama domin ya da ta su raba maka su. Idan sun gane komai har zuwa ƙarshe amma ba su ga abin dariyar ba, ka ɓoye abin da yawa, kuma gyaransa layi ɗaya ne a farkon labarin, inda za a ga Musa yana fita da gudu domin abokinsa yana kiransa daga waje. Bayan kowane gyara ka sake gudanar da shirin dubawa, domin sabuwar jimla takan shigo da sabuwar kalma, sannan ka ba wani mai koyo wanda bai taɓa ganin labarin ba, tunda na farkon ya riga ya san inda mabuɗin yake.